Tambayoyi da amsoshi kan taƙaita bayanan taro: wa zai yi, kuma yaushe?

Wannan shafi na sakatarori ne, da duk wanda aka taɓa miƙa wa biro a wajen zama aka ce ya rubuta abin da aka tattauna: na kwamitin unguwa, na ƙungiyar iyaye da malamai, na kwamitin masallaci ko na ofis. Maganar ita ce yadda za a ɗauki shafi uku na bayanan zama a mayar da su layuka kaɗan, kowane layi yana nuna aiki, da wanda zai yi shi, da ranar da zai cika.

Me ake nufi da jerin ayyuka, kuma me ya raba shi da bayanan taro?

Bayanan taro suna faɗin abin da ya riga ya faru ne: waɗanda suka halarta, abin da aka tattauna, da shawarar da aka yanke. Jerin ayyuka kuwa abin da ke gaba yake faɗa. Wanda ya buɗe shi, abu ɗaya yake nema, ya ga ko akwai sunansa, in akwai me ake jira daga wajensa kuma ran yaushe. Saboda haka ba a sa dalili a ciki, ba a sa muhawara, ba a sa wanda ya kawo shawara ko wanda ya ƙi ta. Takardu biyu ne daban, kowace da aikinta, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya.

In sunan mutum da rana kawai za a nuna, ta yaya mutum zai san abin da zai yi?

Aikin kansa dole ya fito, amma a jimla ɗaya gajera. Abin da ake nufi shi ne, bayan aikin, babu abin da za a ƙara sai mai shi da wa'adinsa. Sharaɗin jimlar shi ne ta zama abin da za a iya tambaya a kansa a ce "an yi?" a amsa da e ko a'a. "Maganar bohol" ba aiki ba ne, kanun magana ne. "A duba maganar bohol" ma bai zama aiki ba, domin mutum zai iya wucewa ta gaban bohol ɗin ya kalle shi ya ce ya duba. "Kawo ƙiyasin kuɗin gyara daga masu gyara biyu, a rubuce" shi ne aiki: ko dai takardu biyu suna hannun shugaba ranar, ko babu.

Kalmomin da ya kamata sakatare ya yi hattara da su su ne a duba, a bibiya, a tuntuɓa, a sa ido, a yi ƙoƙari. Duk inda ɗayansu ta faɗo a zama, ka tambayi kanka abin da za a gani a ƙasa in an gama. Wasiƙa ce za a kai? Kuɗi ne zai shiga asusu? Amsa ce za a kawo wa kwamiti? Wannan abin shi za ka rubuta.

Za a iya nuna mana misali daga farko har ƙarshe?

A ɗauka kwamitin wata unguwa ya zauna ranar Lahadi 5 ga Oktoba bayan La'asar, saboda bohol ɗin unguwa ya tsaya. Ga irin abin da sakatare zai tashi da shi a littafinsa.

An buɗe da addu'a. Shugaba ya ce kwana tara ke nan ba ruwa, mai gyara ya zo ya ce injin da ke cikin rijiyar ne ya ƙone. Shugaban matasa ya ce mutumin ya tsuga kuɗi, a nemo wasu. Aka amince shi ya kawo ƙiyasi daga mutum biyu kafin Laraba. Ma'aji ya ce naira 180,000 ce a asusu, ba za ta isa ba. An daɗe ana ja-in-ja, daga baya aka tsaya a kan kowane gida ya ba da naira 2,000, shugabar mata da shugaban matasa su tattara. Liman zai sanar a masallaci ranar Juma'a. Wani dattijo ya ce ya kamata a bar janareta a koma hasken rana, aka ce shawara ce mai kyau, za a duba. An ce a rubuta wa kansila wasiƙar neman taimako. Mai unguwa ya ce zai yi wa masu shaguna magana kan kwatar da ta toshe in ya dawo daga tafiya. Zama na gaba Lahadi 19 ga Oktoba. An rufe da addu'a.

Mataki na farko, ka bi rubutun ka ja layi a ƙarƙashin duk inda aka ce "zai", "za su", "a yi" ko "an amince". A nan za ka sami wurare shida: ƙiyasi, tara kuɗi, sanarwa, hasken rana, wasiƙa, kwata. Sauran duka, har da kwana taran da aka yi ba ruwa da kuɗin da ke asusu, na bayanan taro ne, su tsaya can.

Mataki na biyu, kowane ɗaya ka yi masa tambaya biyu: wa, kuma yaushe. Ƙiyasi yana da mai shi da ranarsa. Sanarwa ma haka. Tara kuɗi yana da mutum biyu, ba shi da rana. Wasiƙa ba mai ita ba rana. Kwata tana da mai ita, amma "in na dawo" ba rana ba ce. Hasken rana kuwa ba kowa, ba lokaci, ba ma a ce ga abin da za a yi ba. Ke nan cikin shida, biyu ne kacal suka fito a shirye. Ba laifin sakatare ba ne, haka zama yake tashi in ba a tsaya an ɗaure magana ba.

Mataki na uku, ka cike giɓin ta hanyar tambaya. In ana zaune ne, ka nemi izini: "Ranka ya daɗe, kafin a rufe, wasiƙar kansila wa zai rubuta, kuma ran yaushe za a kai?" In an riga an watse, ka kira shugaba a daren, sannan ka kira waɗanda abin ya shafa. A ce bayan kiran ga abin da aka tsayar:

1. Kawo ƙiyasin gyara daga masu gyara biyu, a rubuce. Shugaban matasa. Laraba 8 ga Oktoba.
2. Rubuta wasiƙar kansila a kai wa shugaba ya sa hannu. Sakatare. Alhamis 9 ga Oktoba.
3. Sanar da karo-karon naira 2,000 a masallaci. Liman. Juma'a 10 ga Oktoba.
4. Kai wa kansila wasiƙa. Shugaba. Litinin 13 ga Oktoba.
5. Tara kuɗin gidajen gabas da titi a miƙa wa ma'aji. Shugabar mata. Alhamis 16 ga Oktoba.
6. Tara kuɗin gidajen yamma da titi a miƙa wa ma'aji. Shugaban matasa. Alhamis 16 ga Oktoba.
7. Zuba kuɗin a asusu a riƙe rasit. Ma'aji. Juma'a 17 ga Oktoba.
8. Yi wa masu shaguna magana kan kwata a kawo amsarsu. Mai unguwa. Asabar 18 ga Oktoba.

Na yi amfani da muƙamai ne don misali. A takardar gaske sunan mutum ake sawa. Ka lura abubuwa shida sun zama layi takwas, bayan ma an cire guda ɗaya. Taƙaitawa a nan ba rage yawan layuka ba ne. Wasiƙa ta rabu biyu don wanda zai rubuta daban, wanda zai kai daban. Layi na bakwai ba wanda ya ambace shi a zama, amma kuɗi ba ya kai kansa banki, kuma yawancin bankuna ba sa buɗe ƙofa Asabar da Lahadi, shi ya sa aka tsayar da Juma'a, aka ja ranar tarawa zuwa Alhamis.

Ina maganar hasken rana ta tafi? Ba za a ce an raina dattijon ba?

Tana nan cikin bayanan taro, da sunansa. Abin da ya kamata shi ne a sa ta cikin abubuwan da za a tattauna ranar 19, kuma sakatare ya gaya masa da baki: "Baba, maganarka ta hasken rana tana cikin ajandar zama mai zuwa." Wannan ya fi girmama shi a kan a cusa ta cikin jeri da "kwamiti" a gurbin suna, ta zauna wata shida ba wanda ya taɓa ta. Shawarar da ba ta da mai ita kuma ba ta da rana ba ta zama aiki ba tukuna, komai kyanta.

Me ya sa sai mutum ɗaya? Ai aikin gayya ya fi sauri.

Ya fi sauri in an fito. Matsalar ita ce wa zai kira gayyar. In aka rubuta sunaye biyu a layi ɗaya, kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya fara, ranar zama kuma kowanne yana da hujja: "Na zaci Hajiya ta riga ta zaga." In aka rubuta "matasa" ko "kwamitin kuɗi", to babu ma wanda za a kalla. Nan ne ake samun taron tsintsiya ba shara.

Sa suna ɗaya ba yana nufin mutum zai yi aikin shi kaɗai ba. Shugabar mata za ta iya tura 'yan mata biyar su shiga gidaje, ba ruwan jerin da wannan. Abin da sunan yake nufi shi ne ita za a tambaya ranar Alhamis. In kuwa aikin da gaske na mutum biyu ne, to a raba shi ta inda yake rabuwa, kamar yadda aka raba unguwar nan gabas da yamma. Rabon yana da wani amfani kuma: in kuɗi ya yi giɓi, an san ɓangaren da za a bincika.

In babba ne aka ɗora wa aiki fa? Ya zan sa wa mai unguwa ko liman wa'adi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace wuya a wajenmu, kuma a nan ne jeri da yawa suke lalacewa. Sakatare sau da yawa shi ne ƙarami a zaman, nauyin baki ya hana shi cewa komai, sai ya bar gurbin ranar babu komai, ko ya rubuta "in ya samu dama".

Mafita ita ce kada ka yanka masa rana, ka sa shi ya yanka da kansa. "Allah ya ja zamaninka, zan tura wa mutane takarda ne, wace rana zan sa a maganar masu shaguna?" Yawanci zai faɗi rana. In ya ce "in na dawo", sai ka tambayi ranar dawowar, ka ce "to in sa Asabar 18, tunda zama Lahadi ne?" Ranar da mutum ya furta da bakinsa ta fi ɗaure shi a kan wadda aka liƙa masa.

Akwai kuma wata dabara. Sau da yawa babba yana karɓar aiki ne don girmansa, alhali wani ne zai yi zirga-zirgar. In haka ne, a tambaya a fili wa zai taya shi, a sa sunan wancan: "Ɗaukar mai unguwa zuwa wajen masu shaguna a kawo amsarsu", mai shi wane. Girman babba bai ragu ba, kuma an sami wanda za a iya bugawa waya ba tare da jin kunya ba.

Za a iya ɗora wa wanda bai zo zaman ba aiki?

A'a, sai an same shi ya amsa. Mutum ya buɗe waya ya ga sunansa da wa'adi a gaban jama'a kan abin da bai san da shi ba, ko dai ya yi shiru ya ƙi yi, ko ya yi fushi. Layin da za a rubuta na wanda zai same shi ne: "Tambayar mataimakin ma'aji ko zai karɓi rubuta rasit a kawo amsa. Shugaba. Talata 7 ga Oktoba." In ya amsa, sai nasa layin ya shiga.

"Bayan Sallah", "ƙarshen wata" da "mako mai zuwa" ba su isa wa'adi ba?

Ba su isa ba. Bayan Sallah ba ta da iyaka. Ƙarshen wata a wajen ma'aikaci ranar da albashi ya shigo ne. Mako mai zuwa, in an faɗa ranar Lahadi, wani zai ɗauka gobe Litinin ake nufi, wani kuma sai Litinin ta sama. Har "kafin Laraba" da aka faɗa a misalinmu tana da fuska biyu: Talata da dare ko Larabar kanta? Sakatare ya tsayar da ɗaya ya rubuta.

Hanyar da ta fi tsira ita ce a haɗa sunan rana da kwanan wata, a rubuta watan da kalma: Laraba 8 ga Oktoba. Sunan ranar yana taimaka wa waɗanda ba su riƙe kwanan wata a ka, kuma in ka yi kuskure, saɓanin da ke tsakanin biyun zai sa wani ya gano. Kada a rubuta 8/10 kawai. Mu rana muke fara sawa, amma Amurkawa wata suke farawa da shi, don haka Excel ko Google Sheets da aka saita a tsarin Amurka zai karanta 8/10 a matsayin 10 ga Agusta, ba tare da ya yi maka gargaɗi ba.

In kwamitinku da watan Musulunci yake lissafi, a kula cewa wata yana yin kwana 29 ko 30 ne gwargwadon ganin jinjirin wata, kuma a Najeriya ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi ne. Wa'adin da ya tsallaka cikin sabon wata zai iya gocewa da kwana ɗaya. Sunan rana shi ke warware wannan: Alhamis dai Alhamis ce.

Ba za a sa duk wa'adin ya zama ranar zama na gaba ba, a huta?

In aka yi haka, kowa zai tashi ne a daren jajibiri, kuma ayyukan da ke jiran juna za su cakuɗe. A misalinmu ba za a shiga gidaje karɓar kuɗi ba sai liman ya sanar, ma'aji ba zai je banki ba sai an miƙa masa. Tunda jerin ba shi da gurbin rubuta "wannan yana jiran wancan", ranakun ne suke ɗauke da wannan bayani. Shi ya sa ake jera layukan bisa kwanan wata, na kusa a sama. Hanyar ita ce a fara daga ranar ƙarshe a dawo baya: zama 19, banki 17, tarawa 16, sanarwa 10.

Yaushe ya kamata a tura, kuma ta ina?

A daren zaman, ko washegari da safe in akwai giɓin da sai an kira mutane. Wa'adin farko a misalinmu kwana uku ne bayan zama. Jerin da ya fito ranar Alhamis ya zama labari.

In guruf ɗin WhatsApp ne, a rubuta shi a matsayin saƙo, kada a ɗauki hoton littafi ko a tura fayil da sai an sauke. Masu ƙarancin data ba za su buɗe ba. A maƙale saƙon a saman guruf. WhatsApp yana ba da zaɓin awa 24, kwana 7 ko kwana 30. A karanta sau biyu kafin a tura, domin gyaran saƙo yana yiwuwa ne cikin minti 15 kawai. Waɗanda ba sa karatun boko ko ba sa guruf, a kira su ko a tura musu saƙon murya da nasu layin kaɗai.

Wanda yake ajiye jerin a Excel ko Google Sheets, in ranakun suna ginshiƙin C, zai iya sa wannan a ƙa'idar canza launi, wato conditional formatting, don layin da ranarsa ta wuce ya yi ja:

```
=AND($C2<>"",$C2<TODAY())
```

Ba za ta yi aiki daidai ba sai an shigar da ranakun a matsayin kwanan wata na gaske. In ka ga kwanan watan ya manne a hagun akwatin maimakon dama, alama ce manhajar ta ɗauke shi a matsayin rubutu.

Ba za a ƙara gurbin "an yi" ko "ba a yi ba" da na bayani ba?

A littafinka ka ƙara abin da ka ga dama. A wanda ake turawa, ra'ayina shi ne kada a sa shi. Da zarar an buɗe gurbin bayani, uzuri ne zai cika shi: "yana kan hanya", "an kusa", "mai gyara bai ɗauki waya ba". Aikin da aka gama a cire shi daga jerin gaba. Wanda ba a gama ba ya dawo da sabuwar rana, wadda mai shi ya faɗa a gaban zama. In layi ɗaya ya dawo sau biyu, a daina sabunta ranar kawai, a tambayi dalili: ko aikin ya yi girma yana buƙatar a gutsura shi, ko an ɗora wa wanda ba ya so ko ba shi da iko a kai.

Tunda jerin ya fi amfani, a daina rubuta cikakken bayanin taro mana?

Kada a daina. Jerin ba ya riƙe shawarar da aka yanke ko dalilinta. Bayan wata uku, in wani ya tashi ya ce shi bai san an amince da naira 2,000 ba, littafin zama ne zai raba gardama. Ƙungiyar da ke da asusun banki kuma takan buƙaci rubutacciyar shawarar zama in za ta canza masu sa hannu. Haka nan akwai maganar da ba ta dace da guruf ba: in aikin ya shafi bashin wani ko sulhu tsakanin maƙwabta, a rubuta layin ba tare da sunan wanda ake magana a kansa ba, ko a tura wa mai aikin shi kaɗai.

Ta yaya zan gane jerina ya yi kyau kafin in tura?

Ka ba wa wanda bai je zaman ba ya karanta, ɗanka ko abokin aikinka, ka ce ya gaya maka abin da ma'aji zai yi da ranar da zai yi. In ya amsa ba tare da ya tambaye ka komai ba, layin ya yi. Sannan ka ƙirga sau nawa kowane suna ya fito. In rabin layukan na mutum ɗaya ne, kuma sau da yawa sakataren ne da kansa don shi ne ba ya iya cewa a'a, ka kira shugaba a sake rabo kafin saƙon ya fita.